Ƙwai Goma da Juma'a Uku

Kazar Aina'u ba wata kaza ce ta a zo a gani ba. Wake-wake ce gajeruwa, mai yawan tone-tone, ga rashin jin kora. Amma duk wanda ya daɗe a unguwar ya san asalinta: tun Inna Kulu, mahaifiyar Aina'u, na da rai ake kiwon irin nan a gidan, uwa ta bar 'ya, 'ya ta bar jika. Da Aina'u ta yi aure da su ta tafi, da mijinta ya rasu ta dawo gaban ƙanenta Malam Khalilu, da su ta dawo. Annobar da ta shigo da bazara ta share akurkin unguwar kusan kaf, ita kaɗai ta tsira. Sai ga shi a tsakiyar marka, tana cikin saka ƙwai, wani mai babur ya taho da kwandon tumatir daga wajen Watari ya bi ta kanta a ƙofar gida. Malam ya yi maza ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Aka yi farfesu, Aina'u ta ce ita cikinta ba daɗi.

Abin da ya rage ƙwai goma ne a cikin ƙwarya. An zaga gida-gida neman kaza mai kwanci, ba a samu ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a Khaulat ta zo. Ita ce babbar 'yar Malam, tana karatun koyar da aikin gona a Bici, kuma washegari za ta wuce Rimin Gado koyarwar gwaji. Ta tarar da gwaggonta a gaban tanda tana suyar wainar da take rabawa sadaka duk Juma'a, ido ya yi ja, ba kuma na hayaƙi kaɗai ba. Da ta ji labari sai ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar kula daga ƙarƙashin gado. Aikin makaranta ne da ta haɗa bara: an huda murfin an sa gilashi, ciki akwai ƙwan lantarki da ƙaramar fanka da farantin ruwa, da wani ɗan agogo mai nuna zafi wanda ke kashe wutar ya kunna da kansa.

"Wannan ce za ta yi kwancin?" in ji Aina'u.

"Ita ce, Gwaggo. Ba ta tashi neman abinci, ba ta faɗa da agwagwa. Juyi ne kawai ba ta iya ba, sai ku taimaka mata."

Da rana faifan solar gidan zai riƙe ta, amma da dare sai da batir. Malam ya aika aka kira Basiru, maƙwabcinsu mai ba da hayar lasifika. Basiru ya sosa ƙeya ya ce batirinsa ɗaya ne, kuma watan Maulidi na tafe, lokacin da ake nemansa ko'ina.

"Kwana ashirin da ɗaya ne kacal," in ji Malam. "Bari in gaya maka ranar da za ka zo ka ɗauki abinka."

Tun da safe aka kunna kular ta ɗau zafi. Bayan an sauko daga masallaci Khaulat ta wanke man waina daga hannunta, ta jera ƙwan a kwance. Malam ya ɗauko fensir ya yi wa kowanne alif a gefe ɗaya, nun a ɗaya gefen. Sannan ya zaɓi sabon allo, ya jawo tawada, ya ce ta faɗi ka'idojin.

"Yau ba a ƙirga ta, Baba. Gobe war haka ne kwana ɗaya. A riƙa juyawa sau uku kullum, safe da rana da yamma, don kada ɗan ya manne da ɓawo. Zafi ya tsaya a talatin da bakwai da rabi. Kwana bakwai a haska, kwana goma sha huɗu a sake haskawa. Kwana goma sha takwas a yi haskawar ƙarshe, a ƙara ruwa, a rufe, ba juyi ba buɗewa. Ashirin da ɗaya su fito, in Allah ya so. Bari in rubuta maka da kwanan watan boko."

"Bar shi," in ji Malam. "Shekara talatin ina raba gado, ina ƙirga iddar mata da lissafin wata, ƙwan kaza ne zai gagare ni?"

Ya rubuta: an saka ranar goma sha huɗu ga Safar. Haskawa ta farko, ashirin da ɗaya. Ta biyu, ashirin da takwas. Ya ƙirga a yatsu, ashirin da tara, talatin, ɗaya, biyu, ya rubuta rufewa biyu ga Rabi'ul Awwal, ƙyanƙyasa biyar ga wata. Ya kewaye biyar ɗin da zayyana irin ta ƙarshen hizibi. Ya leƙa zaure ya ce wa Basiru, "Biyar ga watan Maulidi, bayan la'asar." Ya rataye allon a bango sama da kular.

Aina'u ba ta iya karanta abin da ke allon ba, ba ta kuma damu ba. Ita ta yi goyon Malam, ta san tun yana ƙarami ba ya ɓata lissafi. Nata aikin juyi ne. Bayan asuba ta wanke hannu ta mayar da duk alif ƙasa, nun sama. Bayan azahar ta dawo da alif. Kafin magariba nun kuma, washegari da asuba a fara da alif. Da farko ta tambayi dalilin sau uku, me ya hana biyu ko huɗu, Malam ya ce haka Khaulat ta faɗa: don gefen da ya kwana a ƙasa yau, gobe ya kwana a sama. Ta jinjina kai. Ta tuna yadda wake-wake ke cusa baki ƙarƙashin cikinta tana mirgina ƙwai, ba wanda ya koya mata alif balle nun.

Marka ta yi marka. Wani lokaci sai a yini uku rana ba ta leƙo sosai ba, gero ya yi duhu har ya rufe hanyar da ke tsakanin gidaje. A irin ranakun nan lambar agogon kan sauka kaɗan zuwa asuba, Aina'u ta lulluɓe kular da tsohon bargonta, ta bar 'yan hudojin iska a buɗe kamar yadda aka gargaɗe ta.

Ranar haskawar farko ta sauke tanda da wuri. Suka toshe tagar ɗakin da buhu, suka tura ƙofa, ɗaki ya yi duhu da rana tsaka. Malam ya naɗe takarda a bakin tocila, ya ɗora ƙwai ɗaya ta wajen kansa mai faɗi. Ƙwan ya yi ja kamar garwashi. A ciki ga jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo, ga wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana lilo a hankali.

"Subhanallahi," in ji Malam. "Yaya, kin gani? Ido ne."

Ta miƙo masa na biyu. Takwas suka nuna jijiya. Biyu kuwa fayau suke, haske na ratsa su, ba komai sai inuwar gwaiduwa. Ba ta yi mamaki ba, waɗannan su ne na farkon sakawa, sun daɗe a ƙwarya. Aka fitar da su.

A haskawa ta biyu duhu ya cika fiye da rabin kowane ƙwai, ɗakin iska, wato ɗan gurbin da ke can wajen kan ƙwan, ya ƙara faɗi. Ɗaya ne kawai ya tsaya inda aka bar shi, jijiyoyinsa sun dushe, abin da ke ciki yana yawo ba rai. Malam ya ce bara-gurbi ne, in aka bar shi zai iya fashewa ya ɓata sauran. Aina'u ta kai shi bayan gida ta binne. Saura bakwai.

Washegari da magariba, Asabar, rediyo ya sanar an ga wata. Safar ya tsaya a ashirin da tara. Malam ya yi hamdala, ya shiga shirin karatun Maulidi, don a unguwar al'ada ce a riƙa zagawa gida-gida ana yi tsakanin magariba da isha tun daga farkon wata. Kullum da safe zai dubi allo ya dubi kwanan wata. Da biyu ga wata ta zo, ya ce, "Yau rufewa." Suka haska, bakwai ɗin duk sun yi baƙi ƙirin sai ɗakin iska. Aka cika farantin ruwa, aka shimfiɗa tsumma a ƙarƙashinsu, aka rufe. Hannun Aina'u ya rasa abin yi. Takan tashi bayan azahar ta wanke shi, sai ta tuna, ta koma ta zauna.

Ranar biyar ga wata tun da hantsi take zaune gaban kular tana leƙen gilashi. Ƙwai bakwai, kwance, shiru, sai ƙarar fanka. Azahar ta yi. Malam ya shigo ya leƙa ya fita, ya sake shigowa ya leƙa. Bayan la'asar ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi.

"Yaya, kwana ashirin da ɗaya sun cika cif. Ko tsaga ɗaya babu. Ina jin sanyin markar nan ne ya taɓa su."

"A ba su zuwa gobe mana."

"Na yi wa Basiru alkawari. Yau karatu a ƙofar gidan Alhaji Sabo ne, ya gayyato mutane har daga Watari. Tun ranar da aka sa ƙwan nan Basiru ya ba shi rana da bakina."

Ta san abin da hakan ke nufi. Ko an dawo da batir bayan isha, lasifika ta shanye shi, ba kuma rana sai gobe. Kular za ta kwana da sanyi. Ba ta yi musu ba. Malam ne, ga allo, ga alkawari. Ta tashi ta fita tsakar gida don kada a cire wayar a gabanta. Aikin da ke jiranta ta kama: ta auno shinkafar wainar gobe, ta zuba a roba, ta kwara ruwa.

Sallamar Basiru ta ji daga zaure, da barkwancinsa na kullum. "Ina amaren? An fito ko sai an biya kuɗin sayen baki?"

Hannunta na cikin ruwan shinkafa ta tsaya. Jiƙo take yi. Jiƙo kuwa ranar Alhamis ake yi. Ta ga Khaulat tana wanke man waina kafin ta taɓa ƙwai. Ta ga kanta tana sauke tanda da wuri ranar haskawar farko, da ta biyun ma, har Malam na cewa ɗakin duk ƙamshin waina. Sai maganar Inna Kulu ta faɗo mata, wadda takan yi in yara sun dame ta da tambayar yaushe 'yan tsaki za su fito: kaza ranar da ta kwanta, ranar take tashi.

Ta share hannu a zane ta shiga. Basiru ya riga ya durƙusa gaban batir.

"Dakata, Basiru. Malam, yau wace rana?"

"Biyar ga wata, Yaya."

"Ban tambaye ka wata ba. Rana."

"Alhamis."

"Ran da muka sa su fa?"

Malam ya ɗaga kai ya dubi allon.

"Daga masallaci ka dawo, da babbar rigarka," in ji ta. "Ni ban san alif ba sai a jikin ƙwai. Amma kwana ashirin da ɗaya Juma'a uku ne. Na soya waina sau biyu tun da aka sa su, ta ukun ga ta can a ruwa."

Malam ya sauko da allon. Ya kama carbi yana ja ɗaya-ɗaya, leɓe na motsi. Goma sha biyar, goma sha shida. Ya bi har ashirin da tara, ya ce talatin, sai ya tsaya da ƙwayar a tsakanin yatsu.

"Talatin ɗin da ba ta zo ba," ya faɗa a hankali. "Na ba Safar kwana talatin tun ba a ga wata ba. Da aka gan shi a ashirin da tara, ni na fara sanar da mutane a masallaci, amma ban zo na gaya wa allon ba." Ya dubi yayarsa. "Yau kwana ashirin. Rufewar ma ranar sha bakwai muka yi."

"Wannan ba komai," in ji Aina'u. "Na sha ganin kaza ta daina juyi da wuri. Sanyi ne ba sa ɗauka."

Basiru ya saki wayar ya zauna dirshan. "To ni fa, Malam? Alhaji Sabo ya sa an yanka rago. In je in ce masa lasifika na jiran kaza ta haihu?"

"Ba wani batir a unguwar nan?"

"Na Mika'ilu mai caji ya mutu tun Sallah. Sai Bici, kuma kafin in je in dawo cikin taɓon nan an shafa fatiha."

Aina'u ba ta roƙi kowa ba. Ta dai tsaya kusa da kular, tafinta a kan murfin. Malam ya dubi hannun nan. Shi ne hannun da ya ɗauke shi ranar da Inna Kulu ta tafi gona ta bar shi da zazzaɓi, bai kuma tuna ranar da mai shi ta nemi wani abu a wurinsa ba.

"Kuskuren nawa ne," ya ce. "Ba naka ba, Basiru, ba na ƙwai ba. Tashi mu je wurin Alhaji. Ni zan faɗa masa da bakina."

"Ka ce masa me?"

"In ce Malam Khalilu ya ɓata lissafin wata. Kuma karatun da Abdulkabir mai jan baƙi zai ja da lasifika, ni zan ja shi da maƙogwarona, yadda muke yi kafin a haife ka."

Basiru ya zaro ido. Kowa ya san shekara bakwai ke nan Malam ya bar jan baƙi, ya ce murya ta tsufa, kuma Alhaji Sabo ya sha roƙonsa yana ƙi.

"Wallahi in haka ne har tukwici zai ba ni," in ji Basiru. "Amma Malam, maganar lissafin nan sai ta kai Bici kafin gobe."

"Ta kai. Gara a yi mini dariya da a ce na kashe rai bakwai don kare allo."

Kafin su fita ya jiƙa yatsa a buta ya goge biyar ɗin da ya yi wa zayyana, ya rubuta shida, biyun rufewa ma ya mayar da shi uku. Sannan ya ƙara wata kalma a gefen kowane layi.

"Me ka rubuta kuma?" in ji Aina'u.

"Juma'a, Juma'a, Juma'a, Talata, Juma'a."

"Da ka tambaye ni tun farko ai da ka huta da tawada."

Bayan magariba ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin. Gidan Alhaji Sabo gona uku ne tsakaninsu. Da farko ba ta ji komai ba sai kwaɗi. Can sai muryar ta taso ta saman gero, da ɗan rawa a farkonta, sannan ta zauna. Taron ya amsa. Ta ji wajen da numfashi ya yanke masa, ta ji ya kamo. Rabon da ta ji wannan muryar a fili haka tun mahaifiyarsu na zaune a wannan tsakar gidan tana tsinkar zogale.

Tana cikin sauraro wani sauti ya shigo ta bayanta, siriri, kamar an taka sabon takalmi. Ta juya ta kara kunne a jikin kular. Ya sake. Ta haska gilashin da tocila: ɗaya daga cikin ƙwan, can kusa da kansa mai faɗi, ya yi ɗan tsini, ɓawon ya ɗago kamar ƙwayar gero. Hannunta ya kai kan murfin da kansa. Ta janye shi ta sa a ƙarƙashin cinya. An ce ba buɗewa.

Da safe biyu sun fito, jiƙe sharkaf, kwance kamar waɗanda suka yi noman yini. Ta hura wuta ta ɗora tanda, tana zuba ƙullu tana tashi leƙe, har waina biyu suka ƙone. Kafin a tafi masallaci sun zama huɗu. Da la'asar sun kai shida, na farkon sun bushe sun yi laushi suna tuntuɓe da ɓawo. Na bakwai aka ba shi har Asabar da yamma, bai motsa ba. Ta binne shi kusa da ɗan'uwansa.

A ranar Juma'ar kuwa, Malam ya dawo daga masallaci murya a dishe, da ƙyar ake jin sallamarsa. Basiru na biye da shi yana ba da labari: wai a ƙofar masallaci wani ya tambayi Malam ko nawa ga wata, wani ya ce a'a, a je a tambayi Gwaggo Aina'u. Malam ya yi murmushi ya leƙa gilashi.

"Batir sai gobe," ya ce da raɗa. "Sai sun bushe duka."

"Na sani," in ji Basiru. "Yau ma kai za ka ja. An riga an gaya wa mai gidan da za a yi karatun."

Aina'u ta miƙo musu waina a faranti, ta zaɓi marasa ƙuna. Sannan ta nuna wa Malam wata 'yar tsakuwa a lungun kular, gajeruwa, mai ɗige-ɗige a baya, wadda tun ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba ta fara tonon tsumma.

"Ka ga wannan? Ba za ta ji kora ba."